Ƙungiyar ɓoye a cikin labari: me take ɓoyewa, kuma wa ya san wa?

Ɗiyar Mokoyo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena marubuta. Ina rubuta labarin da ke faruwa nan Maradi tsakanin 1944 da 1946, lokacin aikin tilas. A ciki akwai wasu mutane da ke fitar da samarin da aka rubuta sunansu don aikin, su tsallakar da su ƙasar Ingilishi ta wajen Jibiya. Ina so ƙungiyar ta kasance da muƙamai da rantsuwar shiga da alamomin gane juna. Na tsara muƙamai bakwai, amma da na karanta babin sai na ji kamar ado ne aka rataya wa labarin, ba ya motsa komai. Ta ina ake fara gina irin wannan?

Autan Zariya: Wa alaikumus salam Yaya. Abin da ya rage miki shi ne tsoro. Ki sa su riƙa haɗuwa a kogo da tsakar dare, jajayen kaya, ƙwarya da jini, shugabansu kuma kada a taɓa ganin fuskarsa. Duk wanda ya shiga sai ya ba da wani nasa. Mutane na son wannan.

Malam na Limanci: Auta, abin da ka kawo matsafa ne, ita kuwa masu ceton samari take rubutawa. Wanda ya sa ransa cikin haɗari don ya kuɓutar da ɗan maƙwabci ba zai yanka ɗan uwansa don shiga ƙungiya ba, mai karatu zai ji saɓanin nan take.

Ɗiyata, ajiye muƙaman nan bakwai tukuna. Tambaya ta farko ita ce: wa suke ɓoye wa, kuma me zai same su ranar da aka gane? In kin amsa ta da kyau, muƙamai da rantsuwa za su fito da kansu. Ɓoyo kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda kowa ya san su, ilminsu kawai ke rufe, kamar maharba da ƴan tauri, ka san mutumin, ka san gidansa, amma ba ka san abin da ya sha ba. Akwai waɗanda an san ƙungiyar tana nan, ba a san ƴaƴanta ba. Akwai kuma waɗanda ko wanzuwarsu ba a so a sani. Taki ta fara a matsayin ta uku, domin muddin kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankin, yana zaton samari na gudu ne kowa da ƙafarsa, ba zai nemi kowa ba. Ranar da ya lura cewa duk masu gudun suna ɓacewa a dare iri ɗaya, ta hanya ɗaya, ta koma ta biyu, daga nan farauta ta fara. Wannan sauyin ya kamata ya zama tsakiyar littafinki.

Sannan kada ki ɗauka Bature kaɗai suke tsoro. Kumandan ba ya bin gida gida, adadi yake yankawa, ya wuce ta hannun sarki zuwa masu gari da masu unguwa. In an ce unguwa ta kawo mutum goma, biyu suka gudu, mai unguwa sai ya cike gurbin da ƴaƴan wasu. Ke nan duk yaron da ƙungiyarki ta tsallakar, akwai uwar da aka ɗauke nata ɗan a madadinsa. Waccan uwar ita ce babban dalilin ɓoyonsu, don ba ta buƙatar a biya ta kafin ta kai ƙara, kuma tana kwana katanga ɗaya da su.

Ɗiyar Mokoyo: Malam, wannan na uwar ban taɓa kawo shi a raina ba. To su wa suke zaɓa su ceta, tunda ba za su iya ceton kowa ba?

Malam na Limanci: Nan ne rigimarsu ta cikin gida za ta tashi. Ki ba su ƙa'ida guda mai sauƙin faɗa, misali ɗa tilo ga tsofaffi, ko wanda aka riga aka ɗauka sau biyu. Sai ki kawo ranar da ɗan ɗaya daga cikin manyansu ya faɗo cikin jerin, alhali bai cika ƙa'idar ba.

Ɗan Bagalam: Ni dai ban yarda a zubar da muƙamai ba. Ƙungiya ba matakai ba ƙungiya ba ce, dole sabon shiga ya ga akwai inda zai hau. Kuma muna da samfuri a gida: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka, Durbi. Ta ba manyanta huɗu irin waɗannan sunaye, kowane da zobensa ko wata ƴar tsaga a hannu da za a gane shi. Ga bori ma, ga Iya, ana iya aro daga can.

Mushen Tibiri: Ɗan Bagalam, kan matakai kana da gaskiya, amma samfurin da ka ɗauko bai dace ba. Waɗannan huɗun sarautu ne na fili, da su aka zo daga Katsina bayan jihadi ya kori gidan sarautar a 1807, aka kafa a Maradi zamanin Ɗan Kasawa. An yi su ne don a gani, da kiɗa da rawani. Bori ma a Maradi ba a ɓoye yake ba. Iya mai sarauta ce a fada, kamar yadda Inna take a nan Tibiri, ana wasa a fili, kowa ya san wanda aka yi wa girka. Abin da ke rufe shi ne abin da ake yi cikin ɗakin girkar. In ta jingina ƙungiyarta da bori, masu karatu na nan za su ce ba ta san gari ba, kuma za ta ɗora wa mutane na gaske abin da ba su yi ba.

Kan shekarun kuma, ɗiyata, abu biyu za ki riƙe. Gulbi ya ci tsohon garin Maradi a 1945, aka tayar da mutane zuwa tudu inda garin yake yanzu. Aikin tilas kuma an soke shi da dokar watan Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. Duka biyun sun faɗo cikin labarinki.

Malam na Limanci: Zobe da tsaga kuwa shaida ce da mutum ke yawo da ita a jikinsa. Gardi, wato ɗan sandan kumandan, ya kama ɗaya, ya ga tsagar, gobe sai ya tsaya bakin kasuwa yana duba hannun kowa.

Bari in tsara miki da lissafi. A irin wannan ƙungiya muƙami yana nufin yawan mutanen da ka sani. Daga Maradi zuwa Jibiya wajen kilomita hamsin ne, in an bi gulbi ta wajen Madarumfa. Mutum cikin duhu, yana kauce wa hanya da karnukan ƙauye, da wuya ya wuce kilomita uku a awa, don haka tafiyar dare biyu ce ko uku, da rana a kwanta. Ki yi zango huɗu: ɗaya cikin gari, biyu a hanya, ɗaya bayan iyaka. Kowane zango mutum uku. Mai masauki, wanda ke da ɗakin ɓoyo da abinci. Mai rakiya, wanda ke kai su zango na gaba. Da mai kunne, wanda aikinsa kawai ya ji labari, wanzami ne ko mai kula da dokin wani dogari. Sha biyu ke nan. Sama da su dattawa uku masu yanke wanda za a fitar da kuma nemo hatsi. Tsakanin dattawan da zangunan mutum guda mai kai saƙo. Duka sha shida. Matakai uku sun fito ba tare da kin ƙirƙiri suna ko ɗaya ba.

Yanzu ki gwada shi. A ce an kama mai rakiyar zango na biyu, aka matsa masa har ya yi magana, kuma ki bari ya yi, domin jarumin da ba ya taɓa karyewa yana kashe tsoron labari. Wa ya sani? Abokansa biyu, da mai masaukin zango na uku, wanda yake ƙwanƙwasa wa ƙofa. Mutum uku. Bai san dattawa ba, bai san na cikin gari ba. Hanya ta yanke a tsakiya, amma sha biyu sun tsira. Sai ki gwada da mai kai saƙo. Ya san masu masauki huɗu da dattijo aƙalla ɗaya. In shi aka kama, kowane mai masauki ya san nasa biyu, cikin kwana kaɗan an kwashe kowa. To kin ga inda ƙungiyarki za ta karye, kuma kin ga wanda ya kamata ya zama jigon littafin.

Ki zana wannan a takarda, sunaye sha shida, ki ja layi tsakanin duk biyun da suka san juna. Duk babin da wani ya ambaci sunan da babu layi tsakaninsu, kuskure ne, sai in kin nufa ya zama alamar cewa asiri ya fara yoyo.

Ɗan Bagalam: To Malam, in ba su san juna ba, yaya za a yi taron shigar da sabo? Ai wannan babin ne mai karatu ke jira, kowa ya hallara, a yi rantsuwa gaban jama'a.

Malam na Limanci: Ba a taron. Taro ɗaya na mutum sha shida ya rushe duk abin da na lissafa. Mutum biyu ke shigar da sabo: wanda ya kawo shi ya tsaya masa, da wani da ke bayan zana, ana jin muryarsa ba a ganinsa.

Ɗan Bagalam: Ban gamsu ba. Mutane ba sa sayar da rai don tsarin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ko sau ɗaya a shekara ne, sai sun ji su jama'a ne.

Hajiyar Sabon Gari: Ku maza kuna ta zancen manya, kun bar inda asiri ke tonuwa, wato madafa. Ɗiyata, a ce mai masauki ya ɓoye samari biyar na kwana biyu. Kowane zai ci abin da bai gaza rabin kilo na hatsi a rana ba, kilo biyar ke nan, tiya biyu. Hatsin nan ba ya zama tuwo da kansa. Sai an surfa, an wanke, an daka, an tankaɗe, kuma ƙarar turmi tana tsallaka katanga. Maƙwabciya ta san gidan mutum shida ne, ta san tsawon dakansu na kullum. Ranar da daka ya yi tsawo ba suna ba biki, za ta tambaya. Ga ƙarin tulu biyu ko uku daga rijiya, ga akushi biyar da aka wanke aka kife a rana, ga masu fita bayan gida da dare. Kishiyar da ba a gaya wa komai ba tana ƙirga akushin nan da ido tana shiru.

Saboda haka mai masaukinki ya zama gidan da yawan girki ba abin mamaki ba ne: mai tuwon sayarwa, ko malami mai almajirai, ko fatoma mai saukar da fatake. Kuma mai kai saƙon da Malam ya ce, mace ce ta dace, dillaliya. Tana shiga gidan da namiji ba ya shiga, tana bin kasuwannin ƙauye da ƙullin kaya a kai, ba mai tambayarta dalili. Amma ki sani matar mai masauki ta san komai ko an rantsar da ita ko ba a rantsar ba, don haka sha shidan Malam a gaskiya sun kai ashirin.

Malam na Limanci: Hajiya ta gyara lissafin, haka ne, a ƙara matan huɗu cikin zanen.

Kan shigar da sabo, kowane mataki ya yi wani aiki, in ba ya yin komai a cire shi. Na farko gwaji ne, kuma ana yinsa kafin mutum ya san ana gwada shi. A gaya masa sirrin ƙarya wanda shi kaɗai aka gaya wa, a ce daren Laraba za a wuce da yara ta gindin tsamiyar kaza. Mai kunne ya laɓe nesa ya duba. In dogarai suka bayyana, an san bakin da ya kai. Abin da ke lalata wannan a rubutu shi ne marubuci ya manta ya sa an gaya wa mutum biyu wuri ɗaya, sai gwajin ya tashi a banza. Ko kuma ki yi amfani da raunin gwajin da gangan: dogarai su bi ta wurin don wata hidima tasu, a yanke wa marar laifi hukuncin maci amana.

Na biyu, a sa shi ya yi abin da zai hana shi komawa baya. Ya raka yaro ɗaya zango ɗaya da ƙafarsa. Daga daren nan in ya kai ƙara ya kai kansa. Rantsuwa tana zuwa ne bayan wannan, ta zama hatimi kan abin da ya riga ya faru. Na uku, a koya masa abin da yake buƙata kawai: ƙofa ɗaya, alama ɗaya, da abin da zai faɗa in an tare shi a hanya.

Mushen Tibiri: Rantsuwar tana da wata matsala da za ta yi wa labarin amfani. A shekarun nan ƙauyukan gulbi akwai Musulmi akwai Arna, kuma hanyar dole ta bi ta gidajen duka biyu. Musulmi zai dafa Alƙur'ani. Wanda ke kan al'adar gado ba wannan ke ɗaure shi ba, shi abin da gidansu ke yi wa yanka yake tsoro, ko aradu. Rantsuwa ɗaya ba za ta kama su duka ba. Sai dattawan su yarda kowa ya rantse da abin da yake tsoro, kuma a samu malami cikinsu da wannan ke damunsa har ƙarshe.

Autan Zariya: To kalmar sirri fa? Su riƙa magana da zaurance mana, ko su rubuta da ajami tunda Bature bai iya ba.

Hajiyar Sabon Gari: Auta, zaurance ƴan mata ke yi a dandali, duk wanda ya tashi a gari yana warware shi, kuma jin manya na yinsa kaɗai ya isa jawo ido. Ajami kuwa kumandan na da tafinta, fada na da malamai. Kada a rubuta komai.

Malam na Limanci: Alama mai kyau ita ce wadda in an gan ta ba a ga komai ba, in an tambaya kuma akwai amsa. Kuma ki lura da wannan, yawancin masu rubutu suna juya shi: alamar ta zama ta lafiya, rashinta ya zama haɗari. A ce mai masauki yana jingina taɓarya a hagun ƙofar zaure duk daren da gida ke lafiya. Mai rakiya ya iso da asuba, ya ga taɓarya, ya shiga. Bai gani ba, ya wuce da yaran ba tare da ya tsaya ba. Dalili shi ne wanda aka kama ba ya da damar fita ya sa alamar haɗari, amma rashin sa ta lafiya yana faruwa da kansa. Raunin wannan tsari shi ne yaro ya ɗauke taɓaryar don wasa, samari biyar su kwana a daji a banza, ko kuma wanda aka kama ya faɗi alamar, dogarai su jingina ta da hannunsu.

Ki kuma duba wata. Ba a tafiya da farin wata, don haka kwanakin aikinsu ba su wuce goma ba a kowane wata, ƙarshensa da farkonsa. Da damina gulbi na kawo ruwa, hanyar cikin rairayi ta rufe. Wannan tsarin ne mai wayo a ofishin kumandan zai gano in ya jera ranakun gudu.

Ɗiyar Mokoyo: Na gode ƙwarai. Yanzu ambaliyar 1945 ta zame mini matsala: zangon cikin gari yana tsohon gari, ruwa ya ci ɗakin ɓoyon. Kuma in an soke aikin tilas a 1946, ƙungiyar ta ƙare ke nan?

Mushen Tibiri: Ambaliyar kyauta ce gare ki. Sabon gari an yanka shi da tituna miƙaƙƙu, maƙwabta sun canza, gidaje da yawa ba su gama katanga ba. Duk abin da ya rufa musu asiri a lungunan tsohon gari ya tafi, dole su sake zangon farko a gaban idon mutanen da ba su sani ba.

Malam na Limanci: Dokar 1946 ta kashe dalilin aikinsu, amma ba ta kashe dalilin ɓoyonsu ba. Iyalan da aka ɗauki ƴaƴansu a madadin waɗanda suka gudu suna nan, wasu ƴaƴan ba su dawo ba. Sannan ga hanya a hannu, zango huɗu, mutanen da suka iya tsallaka iyaka da dare ba a gani. Wani cikinsu zai ce a rufe, wani zai ce a riƙa wucewa da kaya a samu riba, tunda an sha wuya kyauta. Ni da zan ba da shawara, a nan zan sa cin amanar, ba lokacin Bature ba.

Ɗan Bagalam: A nan ma taron da na ce zai yi amfani. Bayan dokar su haɗu karo na farko, kowa ya ga fuskar wanda ya yi shekara biyu yana aika wa yara, wani ya tarar mai muryar bayan zana surukinsa ne.

Malam na Limanci: Bayan dokar, na yarda zai yiwu, in dattawan sun amince. Amma dillaliyar ba za ta so ba, ita kaɗai ta san abin da kowa zai iya yi da sunayen.

Hajiyar Sabon Gari: Ɗiyata, uwar da aka ɗauke wa ɗa, a wace unguwa kika ajiye ta bayan an hau tudu? In filinta ya faɗo jikin na mai masaukin farko, kin samu babi uku ba tare da kin nemo kowa daga waje ba.

Ɗiyar Mokoyo: Ban ajiye ta ko'ina ba tukuna, Hajiya, yau ta shigo labarin. Zan zana sunayen ashirin da layukansu in turo nan ku duba mini, musamman wajen dillaliyar, don ina ganin na sa ta san dattawa biyu maimakon ɗaya.